Yadda ake zaɓen launi da wurin mabuɗi a allon bayanai domin masu makantar launi

A ofisoshin gwamnati da manyan shagunan 'yan kasuwa, rahoto mai shafuka da yawa ya fara ja da baya, allon bayanai yana maye gurbinsa. Wannan allo shafi ne guda a kwamfuta ko a waya, wanda ake tara zane-zanen alƙaluma a cikinsa domin shugaba ko mai dukiya ya duba sau ɗaya ya san halin da ake ciki. Sai dai mafi yawan masu haɗa irin wannan allo suna ɗora ma'anar alƙaluman a kan launi kaɗai, musamman ja da kore, alhali a cikin masu karantawa akwai waɗanda idanunsu ba sa raba waɗannan launuka biyu yadda ya kamata. Irin wannan mutum yana iya zama daraktan da zai sa hannu a kan kasafi, ko dillalin da zai yanke shawarar sayen buhu ɗari biyar, kuma sau da yawa ba ya faɗa wa kowa, wani lokacin ma shi kansa bai sani ba.

Abin da mai makantar launi yake gani

Sunan makantar launi yana ɓatar da mutane, domin masu ita ba makafi ba ne, kuma ƙalilan ne ƙwarai a cikinsu suke ganin duniya baƙi da fari. A bayan idon ɗan Adam akwai ƙwayoyin halitta iri uku masu karɓar launi. Iri ɗaya ya fi kama hasken da ya karkata zuwa ja, na biyu wanda ya karkata zuwa kore, na uku kuma shuɗi. Ƙwaƙwalwa tana kwatanta saƙon da ukun suka aiko, daga nan take gane launi. Idan iri na farko ko na biyu ya yi rauni, ko babu shi gaba ɗaya, sai ja da kore su matso kusa da juna, su koma wani abu mai kama da ruwan ƙasa ko rawaya mai duhu.

Gadon wannan lalura yana bi ta ƙwayar gado ta X, wadda namiji yake da guda ɗaya tak daga mahaifiyarsa, mace kuma take da biyu. Shi ya sa ta fi yawa a cikin maza. A tsakanin mutanen da asalinsu daga arewacin Turai yake, kusan namiji 1 cikin 12 yana da ita, mata kuwa kusan 1 cikin 200. A Afirka adadin bai kai haka ba, amma ma'aikatar da take da maza ɗari biyu ko uku da wuya a rasa wasu a cikinta. Masanin kimiyyar nan na Ingila, John Dalton, ya yi bayanin lalurar a gaban wata ƙungiyar masana a Manchester a 1794, bayan ya lura cewa shi da ɗan'uwansa ba sa ganin launin furanni kamar yadda sauran mutane suke faɗa. Gwajin da aka fi amfani da shi a asibitocin ido har yau, wato faifai masu ɗigo-ɗigon launi da lamba ɓoye a ciki, likitan Japan Shinobu Ishihara ne ya fitar da shi a 1917.

Matsalar ba ta tsaya a kan ja da kore ba. Shunayya tana iya zama shuɗi a idon mai lalurar, domin jan da ke cikinta ne ya bambanta ta da shuɗi, kuma shi ne ba ya gani sosai. Ruwan hoda yana iya zama ruwan toka, kore mai duhu kuma ya yi kama da ruwan ƙasa. Ga wanda ƙwayoyinsa masu karɓar ja ne suka yi rauni akwai ƙarin wata matsala: ja yana yi masa duhu, har jan rubutu a kan baƙin allo ya kusa ɓacewa. Abin da ya rage wa kusan kowa shi ne bambancin shuɗi da rawaya, da kuma bambancin haske da duhu. A kan waɗannan biyun ake gina zanen da kowa zai iya karantawa.

Misali daga ɗakin ajiyar hatsi

A ɗauka wani babban ɗan kasuwar hatsi yana da akawu wanda yake haɗa masa allo a Excel. A tsakiyar allon akwai zane mai layuka huɗu da ke nuna farashin buhun shinkafa, masara, gero da dawa daga Janairu zuwa Disamba. Akawun ya ba gero jan layi, ya ba dawa kore, masara shuɗi, shinkafa kuma shunayya. A can ƙasan zanen ya bar mabuɗi, wato ɗan akwatin nan da ke jera launuka da sunan abin da kowanne yake wakilta.

Layin shinkafa yana can sama shi kaɗai, saboda haka tsayinsa ya isa ya nuna shi ga wanda ya san kasuwa. Rikicin yana tsakanin gero da dawa. A farkon shekara layin dawa ne a sama, amma a watan Yuni layukan biyu suka haɗu suka gitta juna, gero ya ci gaba da hawa, dawa ta tsaya. Mai cikakken gani yana bin jan layin da ido ya wuce mahaɗar ba tare da tunani ba. Mai makantar launi kuwa yana ganin layuka biyu masu kusan launi ɗaya sun shiga wuri guda sun fito, kuma babu abin da zai gaya masa wanne ne ya bi sama. Idan ya ɗauka cewa wanda yake sama tun farko shi ne ya ci gaba da zama a sama, zai karanta cewa dawa ce take tashi. A kan wannan karatu zai iya zuba jarinsa a dawa, ya sayar da geron da ya kamata ya riƙe.

Ana iya auna wannan da alƙalami. Masu tsara shafukan intanet suna da ma'aunin bambancin haske tsakanin launuka biyu, wanda yake farawa daga 1 da 1, idan haskensu daidai yake, zuwa 21 da 1, wato baƙi a kan fari. Wani ja da wani kore da suka yawaita a manhajojin zane, masu lambobin `#D62728` da `#2CA02C`, bambancin haskensu kusan 1.5 da 1 ne kawai. Ma'ana, idan aka cire launin, abin da ya saura toka biyu ne masu kama da juna. Wanda ba ya ganin bambancin launin ba shi da wani abin kamawa.

Zaɓen launuka huɗu

Ba sai akawun ya ƙirƙiro launuka da ka ba. Masana biyu 'yan Japan, Masataka Okabe da Kei Ito, sun fitar da jerin launuka takwas da aka zaɓa musamman domin masu makantar launi su iya raba su, kuma masu buga binciken kimiyya da yawa suna amfani da shi. Dabarar jerin ita ce an karkatar da kowane launi daga inda ake rikicewa: jan an tura shi wajen ruwan lemo, koren kuma an ƙara masa shuɗi. Ta haka ko da ja da kore sun dushe, shuɗin da ke cikin ɗaya, wanda babu shi a ɗayan, yana raba su.

Amma ba dukan takwas ɗin ne suka dace da siririn layi a kan farin allo ba. Ƙa'idojin sauƙaƙa shafukan intanet na duniya, waɗanda aka sani da WCAG, a bugunsu na 2.1 na shekarar 2018, sun nemi sassan zane masu ɗauke da ma'ana su bambanta da abin da ke kewaye da su da aƙalla 3 da 1. Rawayar jerin, `#F0E442`, a kan fari ba ta wuce kusan 1.3 da 1 ba, saboda haka layinta zai ɓace wa kowa da kowa. Ruwan lemo mai haske da shuɗin sararin sama suna wajen 2.3 da 1, sun fi dacewa da cika manyan sanduna fiye da zana layi. Waɗanda suka haye ma'aunin, kuma suka isa hatsi huɗu, su ne waɗannan:

```
shinkafa  #000000
masara    #0072B2
gero      #D55E00
dawa      #009E73
```

Baƙin shinkafa yana da 21 da 1 a kan fari. Shuɗin masara yana da kusan 5.2, jan garura na gero kusan 3.9, koren dawa mai ruwan shuɗi kuma kusan 3.4. A Excel ana dama-danna layin, a zaɓi `Format Data Series`, a shiga wurin launi, a zaɓi `More Colors` sannan `Custom`, a rubuta lambar a gurbin `Hex`.

Wannan gyara yana da iyakarsa. Launin gero da na dawa a sabon zaɓin sun rabu a idon mai makantar ja da kore, amma haskensu kusan ɗaya ne, bambancinsu kusan 1.1 da 1 ne kawai. Idan aka buga zanen a firinta mai baƙin tawada kaɗai, ko aka yi masa hoto-kwafi domin rabawa a taro, za su sake komawa toka iri guda. Don haka sharaɗin farko na waɗancan ƙa'idoji game da launi shi ne kada launi ya zama hanya tilo ta isar da ma'ana. Akawun zai bar layin gero a miƙe mai kauri, ya mai da na dawa mai tsinke-tsinke ta wurin `Dash type`, ya kuma sa wa na masara ɗan da'ira a kan kowane wata. Yanzu a mahaɗar watan Yuni, ido yana ganin miƙaƙƙen layi ya bi sama, mai tsinke-tsinke ya bi ƙasa, ko da launi ko babu.

Haka kuma yawan launuka yana da iyaka. Da zarar layuka sun wuce biyar ko shida, babu jerin launin da zai cece su. Idan ɗan kasuwar ya ƙara wake da gyaɗa da waken suya da alkama, abin da ya fi shi ne a raba zanen zuwa ƙanana, kowane hatsi da nasa, a jera su da ma'auni iri ɗaya. Ko kuma a mai da duk layukan ruwan toka, a ba wanda ake magana a kansa kaɗai launi mai ƙarfi.

Inda mabuɗi ya kamata ya zauna

Mabuɗi yana sa mai karatu aiki mai hawa uku: ya dubi layi, ya riƙe launinsa a rai, ya sauka zuwa akwatin ya nemo ɗan gutsuren da ya yi daidai da shi. Gane bambancin launuka biyu da ke manne da juna abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da daidaita launin da ke nan da wanda ke can nesa. Ƙari a kan haka, gutsuren launin da ke cikin mabuɗi ƙarami ne, kuma ido ya fi kasa tantance launi idan filinsa ya ƙanƙance. Saboda haka mutum yana iya raba layuka biyu a cikin zane, amma ya kasa sanin sunan kowanne.

Mafita mafi inganci ga zane mai layuka ita ce a goge mabuɗin gaba ɗaya, a rubuta sunan kowane hatsi a ƙarshen layinsa ta hannun dama. A Excel ana danna layin, a sake danna ɗigon watan Disamba shi kaɗai, a dama-danna a zaɓi `Add Data Label`. Daga nan a shiga `Format Data Label`, a sa alama a `Series Name`, a cire ta daga `Value`, a zaɓi `Right` a matsayin wurin zama. Sai a ɗan matse faɗin zanen domin sunayen su sami fili. Idan layuka biyu sun ƙare kusa da juna har sunayensu suka hau kan juna, ana jan ɗaya sama kaɗan da hannu.

A nan akwai wani kuskure da ake yawan yi, wato rubuta sunan da launin layinsa da ƙananan haruffa. Ƙaramin rubutu yana buƙatar bambanci mafi ƙarfi fiye da layi, domin ƙa'idar ta nemi 4.5 da 1. Shuɗin masara ya haye wannan, amma launin gero da na dawa ba su haye ba. Sai dai a rubuta sunayen da baƙi, tunda zamansu a bakin layi ya riga ya nuna na wane ne, ko kuma a girmama haruffan a kaurara su.

Akwai zanen da ba ya karɓar suna a jiki, kamar sanduna masu hawa-hawa inda aka ɗora kuɗin da kowane hatsi ya kawo a wata ɗaya a kan na ɗan'uwansa. A nan dole a bar mabuɗi, kuma abin da ya fi launinsa muhimmanci shi ne jerinsa. Idan a cikin sandar shinkafa ce a ƙasa, sai masara, sai gero, dawa a sama, to mabuɗin ya tsaya a tsaye a gefen dama, dawa a samansa, shinkafa a ƙasansa. Mai karatu zai daidaita su da matsayi ko bai ga launi ba. A sa kuma siririn farin layi tsakanin hawa da hawa domin iyakar kowanne ta fito. Idan kuwa sandunan a jere suke gefe da gefe, mabuɗin ya kwanta a saman zanen, ƙarƙashin take, daga hagu zuwa dama bisa jerin sandunan.

Ƙasan zane shi ne wuri mafi rauni, ko da yake nan manhajoji da yawa suke ajiye mabuɗi da kansu. Ido yana isa can ne a ƙarshe, bayan ya gama kallon layukan da bai san sunansu ba. Sannan a waya, inda yawancin mutane suke duba irin waɗannan alluna, mabuɗin ƙasa yakan faɗa wajen fuskar wayar, ko a yanke shi idan aka ɗauki hoton allon aka tura ta WhatsApp. Mabuɗin gefen dama kuma yana cinye faɗin zane a kan siririyar fuska, don haka allon da aka yi domin waya ya fi son mabuɗi a sama.

Dokar ƙarshe a wannan fanni ita ce kowane abu ya riƙe launinsa a duk faɗin allon. Idan gero ja ne a zanen farashi, kada ya zama shuɗi a zanen yawan buhunan da ke ajiye. Excel yana raba launuka ne bisa jerin da bayanai suka zo a tebur, saboda haka sauya jerin a wani tebur yana sauya launukan ba tare da sanarwa ba. Dole a bi kowane zane a saka lambobin da hannu.

Ɗigon ja, rawaya da kore

Allunan ma'aikatu suna son ɗigo masu launin fitilar kan titi domin nuna aikin da ke tafiya daidai, wanda ke jan ƙafa, da wanda ya tsaya. Direba mai makantar launi yana cin moriyar cewa jar fitila a sama take, koriya a ƙasa. Ɗigon da ke cikin tebur ba shi da wannan gata, domin ja da kore duk a gurbi ɗaya suke bayyana, da siffa ɗaya da girma ɗaya. Jami'in da ke duba jerin ayyuka arba'in zai iya wuce wanda ya tsaya cak yana ganin lafiya lau.

Gyaran yana cikin Excel ɗin kansa. A ƙarƙashin `Conditional Formatting` da `Icon Sets` akwai alamomi masu siffa daban-daban, kamar kibiyoyi masu kallon sama da gefe da ƙasa, ko alamar daidai da ta motsin rai da ta kuskure. Mafi sauƙi ma shi ne a rubuta kalmar a gefen ɗigon: an kammala, ana kai, ya tsaya. Haka nan asara a teburin kuɗi kada a nuna ta da jan rubutu kaɗai, a sa mata alamar ragi a gaba.

Gwaji kafin a miƙa wa shugaba

Mai haɗa allo da yake da cikakken gani ba zai iya gane matsalar da idonsa ba, sai ya gwada. Gwaji na farko ba ya buƙatar komai sai firinta: a buga allon baƙi da fari, a miƙa wa wanda bai taɓa ganinsa ba, a tambaye shi wane hatsi ne ya fi tashi bayan watan Yuni. Idan ya amsa nan take, zanen ya tsaya da ƙafafunsa. Idan ya fara bin layi da yatsa yana komawa baya, akwai sauran aiki.

Gwaji na biyu yana cikin manhajar Chrome. A buɗe allon ko hotonsa a ciki, a danna `F12`, a shiga `More tools` a zaɓi `Rendering`, a gangara zuwa `Emulate vision deficiencies`. Zaɓin `Protanopia` yana kwaikwayon idon da ba ya karɓar ja, `Deuteranopia` wanda ba ya karɓar kore, `Tritanopia` kuma na shuɗi, wanda ba kasafai ake samunsa ba. A kowanne a duba abu uku: ko layuka sun rabu a inda suka gitta juna, ko kowane gutsuren mabuɗi ya bambanta da maƙwabcinsa, da ko alamun gargaɗi suna nan a fili. Akwai kuma manhaja ta kyauta mai suna Color Oracle da take yin wannan kwaikwayo a kan dukan fuskar kwamfuta, wadda ta dace da wanda yake aiki a cikin Excel kai tsaye.

Waɗannan manhajoji kimantawa suke yi, kuma suna nuna mataki mafi tsanani na lalurar, alhali yawancin masu ita rauni ne kawai suke da shi, wanda ƙarfinsa ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Majigin ɗakin taro da hasken rana a kan fuskar waya su ma suna wanke launi fiye da yadda kwamfutar ofis take nunawa. Saboda haka idan akwai abokin aiki da ya san yana da lalurar kuma ya yarda ya duba, hukuncinsa ya fi na kowace manhaja, kuma ya kamata a nuna masa allon a kan na'urar da za a yi amfani da ita ranar taro.